Me ya sa gwal mai karat 18 ya fi mai karat 14 tsada, kuma ya fi shi saurin kwarzanewa?

Abin da muka saba gani a kasuwa shi ne kaya mai tsada ya fi mai araha ƙarko. Atamfa haka take, takalmi haka yake. Shi ya sa mace kan ji an cuce ta idan ta sayi zobe mai karat 18, ta biya kuɗi mai kauri, bayan ɗan lokaci ta ga cikinsa ya cika da ƙananan zane-zane, alhali zoben ƙawarta mai karat 14 da bai kai nata kuɗi ba yana nan da sheƙinsa. Sau da yawa babu cuta a ciki. Kuɗin da kika biya na zinarin da ke cikin zoben ne, shi kuwa zinari ƙarfe ne mai laushi. Taurin zoben daga jan ƙarfe da sauran abubuwa masu araha da aka gauraya a ciki yake fitowa. Duk lokacin da zinarin ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, abin da ke ba shi tauri kuma ya ragu.

Da mai saya wa kanta nake magana, amma ango mai haɗa lefe da uwar da ke tara wa 'yarta kadara, lissafin ɗaya ne gare su.

Mataki na farko: karanta lambar da ke jikin kayan

Ana raba nauyin gwal gida 24. Karat 24 na nufin dukkan gidajen zinari ne. Karat 18 na nufin gida 18 zinari, gida 6 wasu ƙarafa. Karat 14 kuwa gida 14 zinari, gida 10 wasu ƙarafa. Idan aka mayar da wannan zuwa kashi cikin dubu, sai 18 ya zama 750, 14 kuma ya zama 585. Waɗannan lambobi su ne za ki gani an buga a jikin kaya. Waɗanda muka fi sabawa da su a nan, ɗan Saudiyya da ɗan Dubai, yawanci karat 21 ne mai lamba 875 ko karat 22 mai lamba 916. Sarƙoƙin Italiya sun fi zuwa da 750. Karat 14 shi ne ruwan dare a Amurka, kuma sau da yawa ta hannun masu dawowa daga can ko sayayya ta intanet yake shigo mana.

A zobe, lambar tana ciki, wurin da ke taɓa yatsa. A sarƙa, ki duba maƙullin ko ɗan ƙaramin falle da ke kusa da shi. A ɗan kunne tana kan tsinken ko bayan maƙalin. Ƙanana ne sosai, don haka ki nemi mai shago ya ba ki gilashin da yake dubawa da shi, ko ki ɗauki hoto da waya ki buɗa. Idan kika ga haruffa irin su GP ko GF kusa da lambar, to ba gwal ne har ciki ba. An lulluɓe wani ƙarfe ne da ɗan zinari, kuma duk lissafin da ke tafe bai shafe shi ba.

Lamba dai da'awa ce ta wanda ya ƙera kayan, kuma ana iya buga ta a kan komai. Za mu zo kan yadda ake tabbatar da ita.

Mataki na biyu: fitar da farashin giram da kanki

Farashin zinari na duniya ana faɗinsa ne da dala a kan oza ɗaya, kuma ozar zinari giram 31.1 ce. A Landan ake tsayar da farashin da 'yan kasuwa suka fi dogara da shi, sau biyu a kowace ranar aiki. Duk mai waya zai iya ganinsa. Farashin na zinari tsantsa ne, wato karat 24.

Bari mu ɗauki lambobi na misali don lissafi ya yi sauƙi, ke kuma ki sa na ranar da za ki saya. A ce oza tana dala 3,110. Ki raba da 31.1, giram ɗaya na zinari tsantsa ya zama dala 100. A ce kuma ana canjin dala a kan naira 1,500. Giram ɗaya na tsantsa ya tashi naira 150,000.

Daga nan sai ki ninka da lambar da kika karanta. Na karat 18, ki ninka 150,000 da 0.750, ki samu naira 112,500. Na karat 14, ki ninka da 0.585, ki samu naira 87,750. Bambancin naira 24,750 ne a kowane giram, wato mai 18 ya ɗara mai 14 da kusan kashi 28 cikin ɗari. Wannan kashi 28 ba ya canzawa ko dala ta hau ko ta sauka, domin daga 750 da 585 ya fito.

Za ki iya tambaya, ai sauran ƙarafan da ke ciki su ma suna da kuɗi. Suna da shi, amma bai taka kara ya karya ba. Giram ɗin azurfa ɗan ƙaramin kashi ne na giram ɗin zinari, jan ƙarfe kuwa da tan ake cinikinsa. A gwal ruwan ɗorawa da jan gwal, ki ɗauka kuɗinsu bai shiga lissafi ba. Inda abin yake ɗan bambanta shi ne farin gwal da aka haɗa da faladiyom, domin shi ma ƙarfe ne mai daraja, yana ƙara wa kayan kuɗi.

Abin da ya hau kan wannan lissafi shi ne kuɗin aiki da ribar mai shago. Nan ne wurin ciniki, kuma nan ne mai karat 14 yake ɓoye wata tsada. A ce an ɗora naira 15,000 a kowane giram na duka biyun. Mai 18 ya zama 127,500, mai 14 ya zama 102,750. Yanzu ki juya lissafin, ki raba kowane farashi da lambarsa don ki ga nawa kike sayen giram ɗin zinari tsantsa. A mai 18, 127,500 a raba da 0.750 ya ba da 170,000. A mai 14, 102,750 a raba da 0.585 ya ba da kimanin 175,600. Kin ga ke nan, wanda ya fi araha a kan sikeli shi ya fi tsada idan zinarin kike nema. Dalili kuwa kuɗin aikin ya hau kan dukkan nauyin ne, har da jan ƙarfen.

Wannan rabawar ita ce nake so kowace mai sayen gwal ta riƙe. Da ita za ki iya kwatanta kaya biyu masu karat daban a shaguna daban, ko a Kasuwar Sabon Gari ta Kano kike ko a Wuse ta Abuja.

Mataki na uku: kada ki tsaya kan giram, ki duba nauyin kayan gaba ɗaya

Akwai tsada ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba. Zinari yana da nauyi ƙwarai. Idan aka cika ɗan mazubin da ke ɗaukar giram ɗaya na ruwa da zinari tsantsa, zai yi giram 19.3. Jan ƙarfe bai kai giram 9 ba a wannan mazubi, azurfa kuma 10.5. Saboda haka gwal mai karat 18 yakan faɗa wajen 15.5, mai karat 14 kuma wajen 13, da ɗan sama ko ƙasa gwargwadon haɗin.

Ga abin da hakan ke haifarwa. A ce maƙeri ya zuba zobe biyu a abin zubi ɗaya, faɗinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Mai karat 14 ya fito giram 5. Mai karat 18 zai fito kusan giram 6. A farashinmu na misali, zinarin da ke cikin na farko naira 438,750 ne, na biyu kuma naira 675,000. A ido girmansu ɗaya, amma tazarar kuɗin ta haura rabi, ta wuce kashi 28 nesa ba kusa ba. A cikin na farko akwai zinari tsantsa giram 2.9, a na biyu giram 4.5.

Masu ƙera kaya sun san wannan, kuma sun san mai saye tana da iyakar kuɗin da ta zo da shi. Hanyar da suke bi don mai karat 18 ya shiga aljihunta ita ce su rage kauri, ko su yi shi da rami a ciki. Awarwaro ya yi girma a ido, amma jikinsa falle ne siriri. Irin wannan kaya ba kwarzanewa kaɗai yake yi ba, lotsewa yake yi, kuma lotsawar mai rami a ciki tana da wuyar gyara. Da yawa daga ƙorafin da ake yi cewa mai 18 ba ya ƙarko, idan aka bincika, laifin sirantaka ne. Ki ɗauki kayan a tafin hannu. Idan girmansa ya fi nauyinsa, ki tambaya kai tsaye: «Alhaji, wannan cikakke ne ko akwai rami a ciki?»

Mataki na huɗu: gane inda taurin yake fitowa

Zinari tsantsa yana da laushin da giram ɗaya za a iya buga shi ya zama falle mai faɗin kusan mita ɗaya murabba'i. A ma'aunin Mohs, wanda ke jera abubuwa daga 1 zuwa 10 bisa wane ne ke karce wane, zinari yana wajen 2.5, kusan daidai da farcen ɗan Adam.

Dalilin laushin yana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsa suke zaune. A jere suke, sahu bisa sahu, duk girmansu ɗaya, kuma sahu yana zamewa a kan sahu cikin sauƙi idan aka danna. Ki ƙaddara tabarmi ne aka jibga ɗaya kan ɗaya. Idan kika tura ta sama, za ta zame ba gardama. Amma idan aka watsa tsakuwa a tsakaninsu, sai kowace ta cije, turawa ta yi wuya. Karce a jikin gwal zamewar waɗannan sahu ne: wani abu mai tauri ya bi ta kai ya ture ƙarfen gefe, ya bar kwari. Ƙarafan da ake gaurayawa su ne tsakuwar.

Sai dai ba duka suke aiki iri ɗaya ba. Ƙwayar zarrar azurfa kusan girmanta ɗaya da ta zinari, don haka tana shiga sahu ta zauna lafiya, ba ta hana zamewa sosai. Ta jan ƙarfe ta fi ƙanƙanta da kimanin kashi 12 cikin ɗari, tana karkata sahun, ita ce ke kawo yawancin taurin. Nikel, wanda ake sa wa a wasu fararen gwal, shi ma yana taurara haɗin sosai.

Akwai kuma wani abu da lambar 750 take ɓoyewa. Lambar ta nauyi ce, ita kuwa ƙwayar zinari ta ninka ta jan ƙarfe nauyi sau uku. Idan aka ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a gwal ruwan ɗorawa mai karat 18 da aka raba ragowarsa daidai tsakanin azurfa da jan ƙarfe, zinari ya ɗan haura rabi ne kawai. A mai karat 14 da aka saba haɗawa, zinari wajen kashi ɗaya cikin uku ne, sauran biyun wasu ƙarafa ne. Wannan ya sa mai 14 yakan fi cijewa, kuma shi ya sa launinsa ya fi kodewa, bai kai mai 18 ɗorawa ba.

Yanzu sai in faɗi abin da masu shago ba su cika faɗa ba: tazarar tauri tsakanin 18 da 14 ba ta da girma yadda ake zuzuta ta. A ma'aunin Vickers, wanda ake danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe a auna ramin da ya bari, zinari tsantsa yana wajen 25. Gwal mai 18 da mai 14 dukkansu sun ninka wannan sau biyar ko fiye, kuma lambobinsu suna shiga juna gwargwadon haɗi da yadda aka sarrafa su. Babban tsallen tauri yana faruwa ne tsakanin 24 da 18. Daga 18 zuwa 14 ƙarin kaɗan ne. Don haka matar da ta saba da ɗan Dubai mai 22, idan ta koma 18, za ta ji bambanci fiye da wadda ta bar 18 ta koma 14.

Har ma akan samu mai 18 da ya fi mai 14 tauri. Jan gwal mai karat 18, wanda kusan duk ragowarsa jan ƙarfe ne, yawan ƙwayoyin zinari da na jan ƙarfe a cikinsa kusan ɗaya ne. Idan ya huce a hankali ƙasa da zafin digiri 410, ƙwayoyin suna sake jeruwa cikin wani tsari mai tauri ƙwarai, har yakan tsage a hannun maƙerin da bai san halinsa ba. Farin gwal mai 18 da aka haɗa da nikel shi ma yakan fi ruwan ɗorawa mai 14 tauri. Hanyar ƙira ma tana da nata tasiri. Ƙarfen da aka murza, aka ja, aka buga, yana taurara da aikin. Wanda aka narka aka zuba a abin zubi kawai, ko wanda aka gasa da wuta wajen gyara, yakan fi laushi. Zancen cewa 18 ya fi 14 saurin kwarzanewa gaskiya ne idan launinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Da zarar ɗayan waɗannan ya bambanta, sai an duba.

Mataki na biyar: san abin da ke karce shi

Babban abokin gabar gwal a ƙasarmu yashi ne da ƙura. Yawancin ƙwayar yashi ma'adinin kwaz ne, wanda ke kan 7 a ma'aunin Mohs, kuma a na Vickers ya kai dubu ko fiye. A gaban wannan, da mai 18 da mai 14 duk masu laushi ne. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan madubi da akwatin kayan ado tana ɗauke da wannan ma'adini. Idan kika ɗauki busasshen ƙyalle kika goge awarwaro mai ƙura, da hannunki kike zana shi. Tayil, tangaran, gilashi, wuƙa, soson ƙarfe na wanke tukunya, duk sun fi gwal tauri ko wane karat ne.

Ki duba tsohon zobe da gilashin mai shago, za ki ga labarin a rubuce. Saman zoben, wurin ado, yakan kasance da sauran sheƙi. Ƙasansa, ɓangaren tafin hannu, ya dushe da dubban ƙananan layuka da suka gitta juna ta kowace fuska, domin nan ne ke haɗuwa da bokiti, da muciya, da sitiyari. Wannan dushewa ba lalacewa ba ce, kuma kowane gwal da ake sa wa kullum sai ya yi ta. Abin da mai 14 yake ba ki shi ne jinkiri, layukan ba su yi zurfi kamar na mai 18 ba, gefen zane kuma ya daɗe bai goge ba.

Abin damuwa na gaske shi ne cinyewa a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ki kalli ɗan zoben da ke riƙe abin wuya a jikin sarƙa, da mahaɗin maƙulli, da ƙananan faratan da ke riƙe dutse a kan zobe. Idan ɗan zoben ya sirance a gefe ɗaya har ya yi kamar zare, ko farcen dutse ya yi lebur yana kama zaren mayafi, lokacin kai wa maƙeri ya yi. A waɗannan wurare ne taurin mai 14 yake da amfani na zahiri.

Mai 14 kuma yana da nasa rauni. Yawan jan ƙarfe da azurfa a cikinsa yana sa ya fi saurin dushewa ko yin duhu idan gumi da turare da mayuka suka daɗe a kansa. Ruwan bilic na wanki yana cin ƙarafan haɗin, kuma yana iya sa gwal mai ƙarancin karat ya tsage a wuraren da aka lanƙwasa shi. Mai 18 ya fi jure wannan, ko da yake shi ma bai kamata ya shiga bilic ba. Mayukan sauya launin fata masu ɗauke da sinadarin makuri kuwa ba su bar kowane karat ba, makuri yana kama zinari ya bar fararen tabo a jikinsa. Idan fatarki tana ƙaiƙayi da ɗan kunne na gama-gari, ki yi hattara da farin gwal mai nikel, ko 18 ne ko 14.

Mataki na shida: tabbatar da karat kafin kuɗi su fita

Tunda tazarar kuɗin ta kai kashi 28, sayar da 14 da sunan 18 riba ce babba ga maras tsoron Allah, kuma ido kaɗai ba ya rabewa, musamman idan an yi wa kayan wankin zinari a sama.

Gwajin da masu gwal suka saba yi shi ne na dutse da asid. Ana goga kayan a kan baƙin dutse ya bar layi, a ɗiga asid ɗin da aka haɗa don karat 18. Idan layin ya tsaya, ya kai 18. Idan ya narke ya ɓace, bai kai ba. Raunin gwajin shi ne fatar kayan kawai yake gani, don haka ki nemi a goga sosai a wurin da ba ya bayyana. Wasu manyan shaguna suna da na'urar XRF da ke nuna kason kowane ƙarfe a allo. Ta fi asid bayani, amma ita ma ba ta shiga can ciki.

Akwai gwajin da ke ganin ciki, kuma za ki iya yinsa a gida idan kina da ƙaramin sikeli mai auna har 0.01 na giram. Ki auna kayan a bushe ki rubuta. Ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin ki mayar da shi sifili. Ki ɗaure kayan da siririn zare ki nutsar da shi cikin ruwan yana reto, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, ki kaɗa shi kaɗan kumfar iska ta fita. Ki rubuta lambar da sikelin ya nuna. Sai ki raba nauyin farko da wannan lamba. Awarwaro cikakke mai giram 30, idan karat 18 ne, sikelin zai nuna wajen 1.94, rabawar ta ba da 15.5. Idan ya nuna wajen 2.31, rabawar ta ba da 13, to karat 14 ne ko me aka buga a jikinsa. Gwajin ba ya aiki a kan kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma a kan ƙaramin zobe kuskuren 0.02 kaɗai ya isa ya rikita amsar. A kan kaya masu nauyi ake dogara da shi.

Bayan gwaji, ki sa a rubuta miki karat da nauyi da farashin giram a rasit. Idan akwai duwatsu, a cire nauyinsu daga lissafi, kada ki sayi gilashi da farashin gwal.

Mataki na bakwai: zaɓi bisa aikin da kayan zai yi

Ɗan kunne da sarƙar wuya ba sa gogar komai sai fata da mayafi. A waɗannan, batun karce bai kai ya hana ki sayen 18 ba, ko ma 21 da 22. Zobe da awarwaro su ne ke shan wuya. Idan zoben na kullum ne, hannunki kuma yana cikin aiki, mai 14 zai daɗe da kyan gani, kuɗin da kika rage kuma za ki iya sa shi a kauri. Zobe mai 14 mai kauri ya fi siririn mai 18 ƙarko nesa. Amma idan za ki iya sayen mai 18 cikakke mai kauri, ki cire shi lokacin wanke-wanke da shara, zai yi shekaru lafiya.

Idan kuwa manufar ajiya ce, abin da za a ɗaga ranar buƙata, ra'ayina a fili yake: ki hau sama, kada ki sauka zuwa 14. Mai sayen tsohon gwal zinarin ciki yake biya, ba ya biyan kuɗin aiki. A misalinmu, kuɗin aiki kusan kashi 12 ne na abin da kika biya a mai 18, amma kusan kashi 15 ne a mai 14, kuma wannan kason ne ke tafiya ranar sayarwa. Kasuwarmu kuma ta fi sabawa da manyan karat, don haka kafin ki sayi 14 ki tambayi mai shagon nawa zai karɓe shi a yau idan kika dawo da shi. Amsarsa za ta nuna miki asarar tun kafin ki shiga. In kuma za ki sauya tsohon 14 da sabon 18, ki tuna hukuncin musayar zinari da zinari a shari'a. Hanyar da malamai suka saba nunawa ita ce ki sayar da naki ki karɓi kuɗinki, sannan ki sayi sabon a ciniki na daban.

Mataki na takwas: kula da shi, kuma kada ki yawaita kai shi gugar inji

Wanki a gida ba ya buƙatar komai sai ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa. Ki jiƙa kayan na wasu mintuna ƙura ta saki, ki ɗauraye, sannan ki bi lunguna da buroshi mai laushi sosai, ki sake ɗaurayewa, ki tsane da ƙyalle mai taushi. Jiƙawar ta zo kafin gogawa, domin yashin ya tafi da ruwa. Kada ki sa toka, ko man goge baki, ko hodar wanke tukunya, duk suna da ƙwayoyin da ke karce gwal. Wajen ajiya, kowane kaya da 'yar jakarsa. Zobe mai lu'ulu'u idan ya kwana a gwangwani ɗaya da awarwaro, zai zana shi, kuma awarwaro da yawa a hannu ɗaya suna cin junansu.

Gugar inji a wurin maƙeri tana mayar da sheƙi kamar sabo, amma tana yin haka ne ta hanyar cinye fatar ƙarfen har ta kai zurfin karcen. Abin da ya fita zinarinki ne, kuma a mai 18 kowane ɗigo ya fi kuɗi. Zane mai kyau yana dushewa da yawan guga, faratan dutse suna sirancewa. Ki bar ƙananan layuka su zauna, ki ajiye gugar don babban karce ko wani biki. Farin gwal yana da ƙarin hidima, domin yawancinsa an lulluɓe shi da rodiyom don ya yi fari tas, kuma idan lulluɓin ya goge a ƙasan zobe sai ɗan launin ɗorawa ya bayyana, a sake yi masa wani. Duk lokacin da za ki bar kaya a wurin gyara ko guga, a auna shi a gabanki a rubuta nauyin, a sake aunawa ranar karɓa.